Me Ya Sa Lambar Maguɗi Ke Sanƙarar da Gem?

"Kawu, zo ka ga ikon Allah. Mario ya shiga gida ya ƙi fitowa."

Ɗan yayata ne, yana zaune gaban tsohuwar kwamfutata. Ya gama matakin farko na Super Mario Bros., ya zame daga kan tuta, ya shige ginin nan na ƙarshen mataki. Maki sai hauhawa suke, ƙarar ƙirga tana ta tirrr ba ƙaƙƙautawa, amma gem ya ƙi wucewa mataki na gaba. Na tambaye shi me ya taɓa. Ya ce ba komai, wata lamba ce kawai ya sa don kada lokaci ya ƙare masa. Ga ta:

```
07F8:03
```

Lambar ba ta da kuskure ko ɗaya. Ta yi aikin da aka sa ta, aikin ne kuma ya jawo matsalar.

Gem ɗin na kamfanin Nintendo ne, ya fito a 1985 a kan na'urar NES, wadda kwaikwayonta masu kaset mai ruwan ɗorawa suka cika kasuwanninmu a da. Yau kuwa a emuleta ake buga shi, wato manhajar da ke sa kwamfuta ko waya ta yi kamar ita ce waccan na'urar. Na'urar tana da wuraren ajiya iri biyu. Akwai abin da ke cikin kaset, wanda yake kamar bugaggen littafi: umarnin gem ne, ana karantawa, ba a gogewa. Akwai kuma `RAM`, wanda yake kamar allon makaranta, a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. A nan gem ke riƙe duk abin da ke sauyawa: yawan rayuka, sauran lokaci, inda Mario yake tsaye.

Allon NES ƙarami ne ƙwarai, gurbi 2,048 ne kacal. Kowane gurbi yana ɗaukar adadi ɗaya tsakanin 0 da 255, kuma kowanne yana da lambarsa, kamar yadda rumfunan kasuwa ke da lamba a ƙofa. Ita ake kira adireshi. Ana rubuta ta da ƙirgan da ke tafiya goma sha shida-goma sha shida, shi ya sa bayan 9 ake ganin haruffan A zuwa F. Ba sai ka iya wannan lissafin ba. Ya isa ka san cewa a lambar yaron nan, abin da ke hagu adireshi ne, abin da ke dama kuma adadin da za a zuba a ciki.

To, `07F8` gurbin ɗaruruwa ne na agogon gem. Emuleta kuwa ba sau ɗaya take rubuta adadin ta tafi ba. Tsare gurbin take yi, duk sanda gem ya leƙa sai ya tarar da 3. Agogo ya sauko daga 300 zuwa 299, a mayar da shi 399. A cikin wasa wannan daɗi ne. Amma a ƙarshen mataki gem yana mayar da sauran lokaci maki, hamsin a kan kowane ɗaya, kuma ba ya motsawa sai ya ga agogo ya kai sifiri. Yana ɗiba ana zuba masa. Ko kwana zai yi, rijiyar ba za ta ƙafe ba.

Irin wannan maƙalewar ita ce mai sauƙi, kuma kunne ke gane ta. In sauti na tafiya daidai, abubuwa na motsi a allo, sai dai an ƙi wucewa gaba, to gem ɗin lafiyarsa lau, jira yake. Yana jiran wani gurbi ya sauya, kai kuma ka danne gurbin.

Gurbin rayuka, `075A`, yana da nasa tarkon. Da farko dai, in allo ya nuna rai 3, abin da ke cikin gurbin 2 ne, domin gem yana ƙirga sifiri a matsayin rai na ƙarshe. Masu neman adireshi da kansu sukan sa emuleta ta nemo duk gurbin da ke ɗauke da 3, su mutu, su sake neman 2, su fito hannu rabbana. Da sun fara da 2 sannan 1, da sun kama shi. Sai kuma mai haɗama, wanda zai ce tunda 255 ne ƙarshe, bari ya cika gurbin da `FF`. Mutuwa ɗaya zai yi a nuna masa `GAME OVER`. Dalili shi ne, bayan an cire rai ɗaya gem yana duba ko adadin ya faɗa ƙasa da sifiri, kuma a wajen wannan dubawar duk abin da ya kai 128 ƙasa da sifiri ake ɗaukarsa. Wanda ya sa `075A:08` ya fi shi morewa.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan dabara, ita ce ta Game Genie. Wata 'yar na'ura ce da kamfanin Codemasters na Birtaniya ya ƙirƙira, Galoob ya sayar a Amurka. Ana cusa ta tsakanin kaset da na'ura. Nintendo bai so ta ba, har an je kotu, kuma a 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ba Galoob gaskiya. Ita ba ta taɓa allo. Tsayawa take tsakanin littafi da mai karatu, in an zo wani layi sai ta karanto wani abu dabam. Shahararriyar lambarta a wannan gem ita ce:

```
SXIOPO
```

Haruffan ba kalma ba ce. Haruffa goma sha shida kawai Game Genie ke amfani da su, kowanne a madadin adadi ɗaya, sannan an cakuɗa su. In aka warware waɗannan shida, ma'anarsu ita ce: a adireshi `91D9`, a karanta `AD`. Ga abin da ke wurin tun asali, da abin da gem zai gani bayan an sa lambar:

```
CE 5A 07
AD 5A 07
```

Layin farko yana cewa "rage ɗaya daga gurbin `075A`". Na biyu yana cewa "leƙa gurbin `075A`". Shi ke nan. Mario ya mutu, gem ya je ya leƙa rayukansa, ya dawo bai taɓa komai ba. Ni a ganina wannan ita ce lamba mai tsabta, domin wanda ya haɗa ta ya zaɓi umarnin da tsawonsa ya yi daidai da wanda ya cire, gurbi uku da gurbi uku.

Yanzu a ce yatsa ya zame. O da P maƙwabta ne a kan madannai, sai ka rubuta `SXIOPP`. Emuleta za ta karɓa ba musu, don lamba ce ingantacciya a tsarinta. Adireshin ma bai sauya ba, amma `AD` ya koma `A5`, shi kuwa umarni ne mai gurbi biyu. Furosesa zai haɗiye `A5 5A`, sannan ya ɗauki `07`, wanda ragowar adireshi ne, a matsayin sabon umarni. Daga nan layi ya goce. Zai riƙa karanta wutsiyar wani umarni a matsayin kan wani, kuma ba shi da hankalin da zai tsaya ya ce abin nan ba daidai ba ne. A furosesan NES akwai ma wasu adadai, irin su `02`, da in ya karance su a matsayin umarni sai ya tsaya cak har sai an sake kunna na'ura. Abin takaicin, ba za ka ga komai ba lokacin da ka sa lambar. Sai Mario ya mutu, aka zo kan wannan layin, sannan abin zai bayyana, kai kuma ka riga ka manta da abin da ka rubuta.

Wannan ita ce sanƙarewa ta gaske: hoto ya tsaya ko ya hargitse, sauti ya yanke ko ya maƙale a kan amo ɗaya.

Lamba daidai ma tana iya yin wannan ɓarnar in an sa ta a kwafin da ba nata ba. Gem ɗaya yakan fito a bugun Amurka da na Turai da na Japan, kuma ƙaramin gyara kan ture umarnin gaba ko baya. Adireshi na nan, mazaunin gidan ne ya sauya. Manyan gem na NES kuma sun fi ƙarfin adireshin da ake da su, don haka kaset ɗin yana musanya sassa a wuri ɗaya. Shi ya sa ake da lambobi masu haruffa takwas: ƙarin biyun sharaɗi ne, wato kada a sauya sai an tarar da adadi kaza a wurin.

Masu buga gem ɗin PSP a waya da PPSSPP, kuma su ne suka fi yawa a wajenmu, abin da ke faruwa da su ke nan, sai dai rubutun ya bambanta. Ga misalin tsarin. Adireshin na haɗa shi ne don nuni, ba na wani gem ba ne:

```
_C1 Kudi
_L 0x20123456 0x0001869F
```

`_C1` na nufin lambar a kunne take, `_C0` a kashe. A layi na biyu, 2 ɗin farko ba ya cikin adireshi, umarni ne: a rubuta gurbi huɗu a jere. Da 0 ne, gurbi ɗaya. Da 1 ne, biyu. Adadin dama kuwa 99,999 ne. In wurin mai gurbi ɗaya ne ka zuba masa huɗu, ka take maƙwabta uku da ba ka san aikinsu ba. Kuma a PSP umarnin gem ɗin kansa ana loda shi ne cikin `RAM`, saboda haka adireshin da ya kauce yana iya sauka a kan umarni. Kafin ka kwafi komai, duba shaidar gem ɗinka. Grand Theft Auto: Liberty City Stories bugun Amurka `ULUS-10041` ne, na Turai kuwa da `ULES` yake farawa, lambar wannan ba ta wancan ba ce.

Abin da nake yi ba shi da wuya. Nakan yi `Save State` kafin in kunna kowace lamba, in kunna ɗaya tak, in gwada ta har wurin da take aiki: in ta rai ce in mutu da gangan, in ta lokaci ce in gama mataki. In gem ya rushe, kashe lambar ba ya gyara abin da aka riga aka take, dole a koma ajiyar baya. Ajiyar da aka yi bayan ɓarna kuwa, da ɓarnar take tafe.

Na ɗan yayata bai kai ga haka ba. Na ce ya buɗe `Tools`, ya shiga `Cheats` na FCEUX, ya kashe lambar. Agogo ya zube daga ɗari uku da wani abu zuwa sifiri cikin 'yan daƙiƙu, allo ya yi baƙi, ga Mario yana takawa zuwa bututun mataki na biyu. Yaron ya dubi makin da ya tara a banza ya ce, "Kawu, in mun zo tuta ta gaba kada mu kashe da wuri."