Fuloti Bakwai Ne Ko Sha Ɗaya? Yadda Ake Auna Fili Mai Kusurwa Uku

Ba kowace gona ce ke zuwa da kusurwa huɗu a daidaice ba. Inda hanya ta rabu biyu, ko inda burtali ya haɗu da titi a karkace, filin da ke tsakani yakan fito da siffar alwatika: ya tsuke a bakin mararraba, ya buɗe can ciki. Irin wannan fili ne ke kawo gardama ranar ciniki ko ranar rabon gado, domin lissafin da kowa ya iya, wato tsawo sau faɗi, ba ya aiki a kansa.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Ga gona a bakin mararraba. An ja tef daga kusurwar da hanyoyin suka rabu, aka sami mita 120 ta gefen hanya ɗaya, mita 85 ta gefen ɗaya hanyar. Iyaka ta uku, wadda ta haɗa ƙarshen waɗannan biyu, ta ratsa ta cikin kwari da sarƙaƙƙiya, ba ta aunuwa da sauƙi. Wani daga cikin masu tsayawa a kan cinikin, wanda bai manta da karatun firamare ba, sai ya ce ai alwatika rabin murabba'i ce: a ninka 120 sau 85 a sami 10,200, a raba biyu, ya zama murabba'in mita 5,100. Fulotin da aka saba yankawa, mai ƙafa hamsin da ƙafa ɗari, yana kai murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Ke nan a lissafinsa gonar za ta ba da kimanin fuloti sha ɗaya.

Da hanyoyin nan biyu sun haɗu a tsaye cak, kamar kusurwar ɗaki, wato digiri 90, da lissafinsa ya yi daidai. Amma ba haka suka haɗu ba. Kusurwar da ke tsakaninsu digiri 40 ce kawai, kuma wannan shi ne abin da bai sa a lissafi ba.

Ƙa'idar asali ba ta canza ba: girman alwatika shi ne rabin gindi sau tsayi. Matsalar tana wajen tsayin. Idan muka ɗauki gefen mita 120 a matsayin gindi, tsayin shi ne tazarar da ke tsakanin wannan gindi da ƙololuwar alwatikar, a auna ta a miƙe sambal, ba a karkace ba. Gefen mita 85 kuwa a kishingiɗe yake. Dubi tsanin da aka jingina da bango. Tsani mai mita biyar ba zai kai ka mita biyar sama ba sai in an tsayar da shi ƙyam, kuma da zarar an ja gindinsa baya, inda kansa ya taɓa bangon sai ya yi ƙasa. Tsawon tsanin yana nan yadda yake, kusurwar da ya yi da ƙasa ce ke yanke yawan abin da zai zama tsayi.

To, wannan kason shi ne masana lissafi ke kira sayin, wanda ake rubutawa sin a jikin kalkuleta. Kowace kusurwa da ke cikin alwatika tana da nata sayin, lamba ce da ba ta wuce ɗaya, mai nuna kashi nawa na gefen da ya karkata ne ya zama tsayi na gaskiya. Sayin digiri 30 rabi ne cif, 0.5. Na digiri 90 ɗaya ne, domin a nan duk tsawon gefen ya zama tsayi. Na digiri 40 kuwa 0.6428 ne. Ba jiya aka fara tsara waɗannan lambobi ba: masanin taurarin nan na Indiya, Aryabhata, ya jera irinsu guda 24 a littafinsa na shekarar 499, daga baya malaman ƙasashen Musulmi irin su al-Battani suka ɗora a kai. Yau danna maɓalli ɗaya ya wadatar.

Saboda haka tsayin gonarmu shi ne 85 sau 0.6428, wato kimanin mita 54.6. Rabin 120 sau wannan tsayi ya ba da murabba'in mita 3,278 ko kusa da haka. Idan aka haɗa matakan biyu wuri ɗaya, sai a sami ƙa'idar da ke cikin littattafan sakandare:

```
A = ½ × a × b × sin C
A = ½ × 120 × 85 × sin 40°
A = 5100 × 0.6428 ≈ 3278
```

A nan a da b su ne gefuna biyun da aka auna, C kuma ita ce kusurwar da ke tsakaninsu. Gonar da aka yi zaton fuloti sha ɗaya ce ashe fuloti bakwai ce, tun ma kafin a cire hanya da lungunan da ba sa yankuwa. Bambancin ya haura murabba'in mita 1,800, kusan fuloti huɗu da babu su a ƙasa amma da an biya kuɗinsu. Abin lura kuma shi ne wannan kuskure kullum gefe ɗaya yake karkata. Tunda sayin ba ya wuce ɗaya, wanda ya bar shi a baya ba zai taɓa rage filin ba, sai dai ya ƙara masa. Mai saye ne ke kwana ciki.

Mai karatu zai ce, to ina manomi zai sami na'urar auna kusurwa? Safiyo yana da tasa, amma ga mai son ya san inda ya dosa kafin ya kira safiyo, tef da igiya da turaku sun isa, kuma a ganina wannan dabara ta fi duk wani bayanin allo nuna abin da sayin yake. A tsaya a kusurwar, a auna mita goma daidai a kan iyakar mita 85, a kafa turke. A ja igiya a miƙe a kan ɗaya iyakar. Daga turken sai a miƙa tef zuwa igiyar, ana ɗan karkaɗa shi hagu da dama har a sami inda tazarar ta fi gajarta, domin mafi gajartar tazara ita ce wadda ta sauka a tsaye. A gonarmu tef zai nuna kimanin mita 6.43. A raba da goma, ya zama 0.643. Sayin ke nan an auno shi da hannu, ba tare da an san ko digiri nawa ce kusurwar ba. Sai dai a kula, kuskuren santimita goma a wannan ɗan awo zai jawo kuskuren murabba'in mita 51 a gonar baki ɗaya. In wurin ya ba da dama, gara a kafa turken a mita ashirin ko talatin a raba da wannan adadi, kuskuren zai ragu.

Sharaɗin da ɗalibai suka fi tuntuɓe a kansa shi ne lallai kusurwar ta kasance wadda gefuna biyun suka rungume, wato inda suka haɗu. Alwatikarmu tana da wasu kusurwoyi biyu, ɗaya wajen digiri 45, ɗaya wajen 95. Wanda ya ɗauko ta 45 ya haɗa da 120 da 85 zai sami kusan 3,606, wanda ya ɗauko ta 95 zai sami kusan 5,080. Kalkuleta ba za ta yi ƙorafi ba, amsa za ta bayar tsaf. Hanyar kauce wa wannan ita ce a zana hoton a ɗora yatsa a kan kusurwar: layuka biyun da suka fito daga ƙarƙashin yatsan su ne za su shiga lissafi.

Akwai kuma tarkon da ke cikin kalkuletar kanta. Ban da digiri, tana iya karanta kusurwa da wani ma'auni, kuma a saman allonta za a ga D ko DEG in tana kan digiri, R ko RAD in tana kan ɗayan. Idan tana kan RAD aka danna sin 40, za ta ba da 0.7451, gonar ta koma murabba'in mita 3,800. Haɗarin wannan amsa shi ne ta yi kama da gaskiya, ba wanda zai ɗaga gira. Gwajin da ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar shi ne a fara danna sin 30. In ta ba da 0.5, a ci gaba. In ta ba da −0.988, a gyara ta tukuna. Kalkuletar waya ta fi saurin jefa mutum cikin wannan, domin yatsa na iya taɓa maɓallin ba a sani ba.

Idan kusurwar ta buɗe ta wuce digiri 90 fa? Ƙa'idar tana nan daram, sai dai sayin ya fara sauka. Sayin digiri 140 daidai yake da na digiri 40, saboda haka gefuna 120 da 85 da suka buɗe har 140 za su rufe fili daidai da na gonarmu, ko da yake siffarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya. Wannan ne ya sa a jarrabawa, in aka ba da girman fili aka ce a nemo kusurwa, amsa biyu ce ke fitowa, kuma kalkuleta ƙaramar kaɗai take nunawa. Mai awo da igiya kuwa, a irin wannan kusurwa sai ya zarce da igiyar ta bayan kusurwar kafin ya sami inda tef zai sauka a tsaye.

Ba ko'ina ne kuskuren awon kusurwa ke da nauyi ɗaya ba. A kusa da digiri 90, kuskuren digiri ɗaya kusan ba ya taɓa komai, domin sayin 89 ya haura 0.999. A digiri 40, in aka karanta 41, gonarmu za ta ƙaru da murabba'in mita 68, wajen kashi biyu cikin ɗari. Amma a siririn fili mai kusurwar digiri 10, wannan digiri ɗaya tak zai ƙara kusan kashi goma cikin ɗari, tunda sayin zai tashi daga 0.1736 zuwa 0.1908. In fili ya tsuke haka, ya fi kyau a koma wata kusurwar da ta fi buɗewa a auna gefunanta biyu, in ana iya kai wa gare su.

Gona mai kusurwa huɗu da ba ta daidaita ba ita ma tana shiga hannu ta wannan hanya. A ɗauki kusurwoyi biyu masu fuskantar juna, a lissafa alwatikar kowace da gefunanta biyu, a haɗa amsoshin, ba sai an ratsa tsakiyar shuka da tef ba. Ƙa'idar dai tana ɗauka cewa iyakokin a miƙe suke, filin kuma a shimfiɗe. In iyaka ta uku ta bi lanƙwasar rafi, abin da ya kumbura waje ko ya lotsa ciki sai an auna shi daban. In kuma gonar a gangare take, a riƙe tef ɗin a daidaice ana aunawa gaɓa-gaɓa maimakon a kwantar da shi a ƙasa, domin girman da safiyo zai rubuta a takardar fili na shimfiɗe ne, kuma tef ɗin da ya bi gangare yakan ba da tsawon da ya fi wannan.