Layuka Huɗu na Farko: Yadda Ake Buɗe Wasiƙar Neman Aiki

Wata ƙanwar matata ta shigo mini da takardu biyu a cikin ambulan ruwan ƙasa, wata ranar Asabar bayan la'asar. Ɗaya takardar tarihin karatu da aiki ce, wadda kowa ya fi sani da sibi, ɗayar kuma wasiƙar da za ta raka ta. Wata ƙungiya mai kula da harkar lafiya ce ta yi tallar neman mai kula da sito, ranar Litinin kuma za a rufe karɓa. Ta ce, "Yaya, don Allah ka duba mini, ko akwai kuskuren rubutu."

Babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Matsalar tana wani wajen. A saman sibin akwai ɗan taƙaitaccen bayanin nan na layi biyu ko uku da ake fara gabatar da kai da shi. Da Turanci ta rubuta, kamar yadda aka saba a Nijeriya, amma ga ma'anarsa:

"Mai babbar difiloma a fannin akanta, mai kula da sito, da gogewar shekara 5 a harkar sayar da magunguna da sari. Mai ƙwazo, mai riƙon amana, mai iya aiki tare da jama'a."

Da na juya ga wasiƙar, sai na tarar da sakin layin farko yana cewa tana rubutowa ne domin neman aikin da aka tallata, ita mai babbar difiloma ce a fannin akanta, tana da gogewar shekara 5, mai ƙwazo ce, mai riƙon amana. Wato ta kwashe saman sibin ne ta zuba a wasiƙa, ta ƙara kalmar "ni". Ba laifinta ba ne ita kaɗai. Da yawa daga cikin wasiƙun da ake bugawa a shagunan kwamfuta samfuri ɗaya ne ajiye a na'ura, suna da adireshi kawai ake canzawa.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, takardun biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Bayanin saman sibi ga kowa aka rubuta shi. Za ka iya kai shi banki, ka kai shi asibiti, ka kai shi kamfanin siminti, bai canza ba, domin yana faɗin ko kai wane ne a fagen aiki. Sakin layin farko na wasiƙa kuwa ga mutum ɗaya aka rubuta shi, mutumin da ke da gurbi guda da yake son cikewa, kuma tambayarsa ɗaya ce: a cikin duk abin da wannan ta yi a shekara biyar, me ya shafi aikina? Idan ya karanta wasiƙa ya ga abin da zai sake gani a sibi kalma da kalma, to an ɓata masa lokaci sau biyu, kuma an bar masa aikin da mai nema ya kamata ya yi, wato haɗa gogewa da gurbi.

Amma kada a ɗauka cewa maganin shi ne a guje wa duk abin da ke sibi. Dole sana'arka da yawan shekarunka su fito a farkon wasiƙa, don mai karatu ya san da wa yake magana. Bambancin shi ne a sibi ana jera su, a wasiƙa kuwa ana sa su aiki.

Sai na ce mata ta ajiye sibin a gefe, ta buɗe tallar a wayarta. Ayyukan da aka lissafa sun kai goma, amma muka tsaya kan uku na sama, domin galibi masu rubuta talla da abin da ya fi damunsu suke farawa. Na ɗaya, ƙidayar kaya duk ƙarshen wata da daidaita ta da littafi. Na biyu, lura da ranar ƙarewar wa'adin magunguna. Na uku, kula da kayan da ake ajiyewa a sanyi. Na tambaye ta, a cikin ukun nan wanne ta taɓa yin wani abu a kai da za ta iya ba da labarinsa.

Ta yi shiru, ta ce ita dai aikinta take yi kullum, babu wani abin labari. Sai da na sauya tambayar, na ce me ta tarar a siton da ta fara zuwa wanda yanzu ba haka yake ba. Nan bakinta ya buɗe. Ashe da ta fara aiki, yaran shago sabon kaya suke ɗorawa a gaban kanta, tsohon yana can baya har wa'adinsa ya cika. Duk wata uku sai an ware magani na kusan naira 400,000 an zubar. Ita ta sa aka riƙa rubuta watan ƙarewa da jar maka a jikin kowane kwali, aka mayar da wanda ya fi kusa da ƙarewa gaba, shi ake fara fitarwa ko da shi ya zo daga baya. Cikin shekara guda asarar ta sauko ƙasa da naira 100,000. Nau'in kayan da take riƙe da lissafinsu kuwa ya kai 600.

Na ce, "To me ya hana ki rubuta wannan?" Ta ce, "Yaya, ai yabon kai jahilci ne."

Wannan amsar tata ita ce ke daure hannun yaranmu da dama, kuma ina ganin an fahimci karin maganar a baibai. Wanda ya rubuta "ni mai ƙwazo ne, mai amana" shi ne ya yabi kansa, domin hukunci ya yanke wa kansa ba tare da shaida ba. Wanda ya ce asara ta sauko daga kaza zuwa kaza bai yabi kowa ba, abin da ya faru ya faɗa, ana iya kiran tsohon maigidansa a tambaya. Mai kunya ma ya fi dacewa ya rubuta irin na biyun.

Ga abin da muka fitar bayan gyara uku:

"Ina neman gurbin mai kula da sito da kuka tallata. Shekara 5 ke nan ina riƙe da siton wani kamfanin sarin magunguna mai nau'in kaya kusan 600, inda nake ƙidaya duk ƙarshen wata ina daidaitawa da littafi. Tsarin da na kawo na fara fitar da maganin da ya fi kusa da ƙarewa ya rage asararmu daga kusan naira 400,000 zuwa ƙasa da 100,000 a kowane wata uku. Na ga lura da wa'adin magani na cikin manyan ayyukan wannan gurbi, shi ya sa na rubuto."

Jimla huɗu ce, kowace da nauyin da ta ɗauka. Ta farko ta ambaci gurbin da sunan da tallar ta kira shi, domin ƙungiya ɗaya kan tallata gurabe da dama a lokaci guda, kuma idan akwai lambar gurbi nan ne wurinta. Ta biyu ita ce bayanin saman sibin, amma an ba shi jiki: maimakon "gogewar shekara 5", yanzu an ga girman siton da abin da take yi a ciki. Ta uku hujja ce guda ɗaya tak. Ta huɗu ta ɗaure hujjar da buƙatar masu aikin. Difilomar ba ta fito ba sam. Kusan duk wanda zai nemi gurbin yana da irinta, tana nan a sibi, ba ita za ta bambanta ta da sauran ba.

Mun ɗan yi gardama kan batun sanyi. Ta so ta rubuta cewa ta ƙware a ajiyar alluran rigakafi, tunda tallar ta ambata. Da na bincika, abin da ta sani shi ne firji ɗaya da suke ajiye insulin a ciki, tana duba ma'aunin zafi safe da yamma don kada ya fita daga digiri 2 zuwa 8. Gogewa ce ta gaskiya, kuma ma'aunin ɗaya ne da na yawancin alluran rigakafi, amma firji ɗaya ba ɗakin sanyi ba ne. Abin da ka sa a sakin layin farko shi za a fara tambayarka a ranar ganawa. Don haka muka mayar da maganar firjin sakin layi na biyu, muka faɗe ta daidai girmanta. Haka nan muka sake duba lissafi: ta fara aiki a 2020 bayan hidimar ƙasa, sibin ya nuna haka, wasiƙar ma shekara 5 ta ce. Sibi ya ce huɗu wasiƙa ta ce biyar, wannan kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar sauran alƙaluman.

Wanda bai taɓa riƙe aikin albashi ba zai ce shi ina zai samo irin wannan hujja. Yana da ita, ƙarama ce kawai. Shekarar hidimar ƙasa aiki ce, watannin koyon aiki na lokacin karatu aiki ne, riƙe littafin bashi a shagon kawu a kasuwa ma aiki ne. "Na koyar da lissafi ga aji uku na ɗalibai wajen 150 a shekarar hidimata" ta fi "ni sabon mai digiri ne mai son koyo" nauyi nesa ba kusa ba. Abin da bai kamata ya cinye wurin ba shi ne roƙo. Ladabinmu yana ja mu mu fara da doguwar gaisuwa da bayanin halin da ake ciki a gida, amma mai tace takardu ba shi da hurumin ɗaukar mutum don tausayi, kuma idan ta imel aka aika, layukan farkon nan su ne ke fara bayyana a fuskar wayarsa.

Akwai gwaji biyu da nake yi wa kowane sakin layin farko kafin in ce ya nuna. Na farko, ka rufe sunan ma'aikatar da sunan gurbin da yatsa, ka karanta sauran. Idan za ka iya aika shi wani wuri daban ba tare da canza komai ba, to sibi ka sake rubutawa. Na biyu, ka ajiye takardun biyu gefe da gefe, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya fito a duka biyun. A wasiƙar farko ta yarinyar nan, kusan komai ya sha layi. A ta ƙarshe, sunan sana'ar da shekara 5 kawai biro ya taɓa.

Ta aika ranar Lahadi da dare. Ko za a kira ta, wannan yana hannun Allah da yawan masu nema, sakin layi ɗaya ba ya ba da aiki. Amma idan kana da wasiƙa a ajiye a waya da kake aika wa kowa, ka buɗe ta yau, ka ɗora yatsa a kan sunan ma'aikatar, ka karanta abin da ya rage.