Wasa a salula: yadda ake gano inda ping ke lalacewa

A Dogon Dutsi da Tibiri, matasa masu buga Free Fire, PUBG Mobile ko eFootball sun san wannan takaici: a danna harbi, hoto ya daskare, kafin ya motsa an kashe ɗan wasa. Da yawa sukan ƙara sayen forfe da tunanin mega ce ta yi kaɗan. Sau da dama kuɗin ne ke tafiya a banza, domin wasa ba ya cin mega sosai. Abin da yake buƙata shi ne saƙo ya je ya dawo da sauri.

Lokacin zuwa da dawowar nan shi ne ping, wanda ake rubutawa da ms a fuskar waya. Ms 1000 daƙiƙa guda ce. A ƙasa da 100 wasa na tafiya sumul, daga 200 zuwa sama kuma jinkiri ya bayyana.

Akwai kason da babu mai iya rage shi. Nijar ba ta da gaɓar teku, saboda haka saƙo yakan ratsa maƙwabta irin su Benin ko Najeriya kafin ya shiga igiyar ƙarƙashin teku. Haske yana tafiyar kilomita kusan 200 a ms 1 cikin igiyar. Idan hanyar zuwa na'urar wasan a Turai ta kai kilomita 6000, zuwa da dawowa sun ci ms 60 ke nan. Manhajojin da ke alkawarin ping 20 ba za su gajarta wannan nisa ba.

Kason da ake iya gyarawa yana kusa da gida, kuma gwaji biyu ke nuna shi. Da manhajar Termux ana rubuta:

```
ping -c 30 192.168.1.1
ping -c 30 8.8.8.8
```

Layi na farko yana auna tsakanin waya da akwatin wifi. Lambar akwatin takan bambanta, wasu 192.168.8.1 ne, kuma ana ganinta a jikinsa. Layi na biyu yana auna hanyar fita waje.

A ɗauki misalin wani gida da akwati yake zaure, mai wasa kuma yana ƙuryar ɗaki. Gwajin farko ya ba da 4, sai 180, sai 6, sai 250. Laifin ba na kampani ba ne, domin saƙon bai ma fita gida ba. Katangar laka mai kauri da rufin kwano su ne ke tare shi. Maganin shi ne a ɗaga akwatin sama, a zauna inda ake hangensa, a zaɓi zangon 5 GHz idan akwai. Wannan zango ya fi 2.4 GHz ƙarancin cunkoso, amma ba ya ratsa katanga sosai.

Idan kuma gwajin farko ya tsaya ƙasa da 10, na biyu yana tsalle daga 90 zuwa 400, to layi ne ya haɗu a ƙofar fita. Mutum guda da ke tura bidiyo a WhatsApp ya isa ya sa saƙon wasa jira a baya. Sai a dakatar da sabunta manhajoji a Play Store da ajiyar hotuna, a kuma rage wayoyin da ke kan akwatin. In an yi haka amma tsallen na dawowa kullum bayan isha'i, antenar unguwar ce ta cika, sai dai canza lokaci ko gwada wani layi.

Ga mai wasa da rezon Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecom, sandunan saman waya ba su isa shaida ba. A shiga Paramètres, a nemi État de la carte SIM, a duba lambar dBm. A 4G, -85 rezo ne mai kyau, -110 kuma raunanne. Fita tsakar gida ko matsawa daga gindin tsauni na iya canza lambar. Inda 4G ke zuwa tana ɓacewa, waya takan riƙa sauya zango, kowace sauyawa kuma tana tsinke wasa. Tsayar da ita a zango guda yana magance haka, sai dai barinta a 4G kaɗai kan hana kira shigowa a wasu wayoyi, don haka a maida ta yadda take bayan wasa.

A garuruwan da ke dab da iyakar Najeriya, waya kan kama antenar ƙetare. A zaɓi kampani da hannu a Paramètres, a kashe Itinérance des données, don kada ping ya hau kuma kuɗi su zube.