Ƙarin Fili a Ƙarƙashin Hoto Domin Tsawaita Riga

Sau da yawa akan kawo wa mai gyaran hoto wata mas'ala wadda a ido take da sauƙi, alhali kuwa tana da sharuɗɗa waɗanda in an saɓa musu aikin duka ya ɓaci. Misalinta shi ne tela ya zo da hoton wani mutum sanye da babbar riga ta shadda, wanda mai ɗauka ya yanke shi daidai gwiwa, yana so a nuna rigar har idon sawu domin masu sayen ɗinki su ga zubinta. Tun da yake babu wurin da za a zana sauran rigar, farkon abin da ya wajaba shi ne a ƙara wa hoton fili ta ƙasa, kamar yadda marubucin littafi yake barin hashiya a gefen takarda saboda sharhin da zai biyo baya.

Wajibi ne a fara bambance umarni biyu da sukan rikita mai koyo. A manhajar Photoshop akwai Image Size, akwai kuma Canvas Size, dukansu a ƙarƙashin Image. Na farko yana jan hoton kansa ne, saboda haka wanda ya ƙara tsawo da shi kaɗai zai ga fuskar mutum ta miƙe kamar goruba ta koma kokwamba, aikin aska da ke ƙirjin rigar kuma ya karkace. Na biyu kuwa, in ƙari aka yi da shi, ba ya taɓa ko ɗigo ɗaya na hoton asali, illa dai ya shimfiɗa fili fayau a gefen da aka zaɓa. Shi ne abin nema a nan, kuma da wannan suna ake samunsa a manhajar GIMP.

To, nawa za a ƙara? Wannan ba a yinsa da ka, domin masu zane suna da mizani da suka daɗe da shi, cewa tsawon baligi yakan kai misalin tsawon kansa sau bakwai da rabi. Mu ƙaddara hoton nan faɗinsa ɗigo 1200 ne, tsawonsa 1800, wato gwargwadon hoton inci 4 da inci 6 a kan ɗigo 300 kowane inci. Da yake hula ta rufe tsakar kan mutumin, sai a auna daga haɓa zuwa layin idanu a ninka biyu, saboda idanu suna kusan tsakiyar kai ne. In an sami 150, kai ya zama 300, tsawon mutum kuma 2250. Idan tsakar kansa tana ɗigo 150 daga saman hoto, tafin sawunsa zai faɗa a kan 2400, gefen hoton kuwa ya tsaya a 1800, wato kai biyar da rabi daga tsakar kansa, wanda ya yi daidai da gwiwa. Ke nan ana bukatar 600 kafin a kai ƙasa, a ƙara 150 na daɓen da zai tsaya a kai, jimla 750, sabon tsawo ya zama 2550. Bakin rigar sai ya sauka wajen 2300, yadda takalmi da bakin wando za su leƙo.

A cikin akwatin Canvas Size akwai wani ɗan hatimi mai gida tara da ake kira Anchor, wanda yake nuna inda tsohon hoton zai zauna cikin sabon fili. A nan ne mafi yawan kuskure yake aukuwa, domin hatimin yana zuwa ne a kan gidan tsakiya, wanda kuwa ya bar shi haka zai tarar an raba masa ƙarin biyu, 375 a sama inda ba a bukata, 375 a ƙasa inda bai isa ba. Sai a danna gidan sama na tsakiya, ƙarin duka ya gangara ƙasa. Haka kuma a lura da Relative: in an yi masa alama, 750 za a rubuta, in ba a yi ba, 2550. Wanda ya rubuta 750 ba tare da alamar ba, ya umarci manhajar da ta datse hoton ne.

Akwai wata fa'ida da ake mantawa, ita ce faɗi. Hoton da ya koma 1200 da 2550 ya fita daga ƙirar takardar da za a wanke shi a kai, kuma injin wanki zai yanke hula ko sawu domin ya cika takardar. Don a koma nisbar biyu da uku sai faɗi ya zama 1700, wato ƙarin 250 a dama da 250 a hagu, wanda kuma yake ba gindin babbar riga wurin buɗewa, tun da ita ba a tsuke take sauka ba.

Bayan an sami fili, tartibin aiki shi ne a fara da bango da daɓe, sa'an nan riga a kan wani falle dabam, sa'an nan inuwa, ta yadda in an yi kuskure a ɗaya ba a rushe sauran ba. Wajen rigar, jarabar da take kama mai gaggawa ita ce ya zaɓi yankin cinya ya ja shi ƙasa. Yadi marar zane yakan jure ɗan ja kaɗan, amma shadda tana tona asiri nan take, domin furannin saƙarta na sama za su kasance a dunƙule, na ƙasa kuwa a miƙe. Abin da ya fi shi ne a fara zana layukan gefen rigar da na manyan ninkinta, ana bin alkiblar da suka riga suka ɗauka a hoton asali, sa'an nan a cike tsakaninsu da Clone Stamp, ana sauya wurin ɗiba a kai a kai, don kada tabo ɗaya ko walƙiya ɗaya ta maimaitu sau uku a jere. Bakin riga kuma ba ya zama miƙaƙƙen layi, yakan hau ya sauka bisa ga ninki, kuma in an ɗauki hoton daga tsayin ido, tsakiyarsa takan ɗan lanƙwaso ƙasa.

Alamomin aikin da bai nuna ba guda uku ne, kuma duk ana gane su in an ƙara girman hoton a kan allo. Ta farko wani siririn layi a daidai 1800, wanda sababinsa shi ne gilashin kyamara yakan sa gefen hoto ya fi tsakiyarsa duhu, maganinsa kuwa a sa sabon yadin ya hau kan tsohon da ɗigo 30 ko 40 a narkar da mahaɗar. Ta biyu santsin da ya wuce kima, domin hoton kyamara yana da ɗan tsaki-tsaki wanda zanen hannu ba shi da shi, sai a yayyafa masa kaɗan da Add Noise har su daidaita. Ta uku mutum ya zama kamar yana lilo a iska saboda babu inuwa a ƙarƙashinsa. A dubi ɓangaren da inuwar hancinsa ta faɗa, a sa ta riga ta bi wannan ɓangaren, tana da duhu kusa da takalmi tana dusashewa in ta yi nisa.

Daga ƙarshe, a adana aikin a matsayin PSD da fallayensa, a fitar da JPEG domin wanki. Amma haƙƙi ne a kan mai gyara ya tunatar da telan cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon mutumin nan zane ne, ba ɗinki ba, saboda haka in zai nuna wa mai saye, ya tabbata bakin rigar da zai ɗinka ya yi daidai da wanda aka zana, ko kuwa ya faɗa masa gaskiyar lamari tun kafin a yanka shadda.