Yadi Ko Mita? Yadda Ake Rubuta Wa Ɗan Sin Saƙon Oda

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke odar yadi daga Keqiao, babbar kasuwar tufafi a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, da Turanci yake ciniki da kamfanin da ke saƙa masa kaya, alhali shi da su babu wanda ya tashi da harshen. Ma'aikaciyar da ke karɓar saƙonsa a makaranta ta koyi Turancin, kuma sai ta mayar da shi Sinanci kafin ya kai ga masu injin. Duk kalmar da ta zo mata a dunƙule, cinta za ta yi, kuma a kan wannan cinta za a yanka kaya.

Ga irin saƙon da ake yawan turawa daga Kano: "Kindly do the needful and revert. We need the 5,000 latest by 03/04." A ofisoshin Najeriya kowa ya gane wannan. A Keqiao kuwa, jimlar farko ba ta faɗi aikin da za a yi ba, ta biyun kuma tana ɗauke da tarko uku.

Na farko, 5,000 ɗin na mene ne? Kano da yadi take awo, ƙasar Sin kuwa mita ce ma'auninta. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne, don haka yadi 5,000 mita 4,572 ne kacal. Idan aka saƙa mita 5,000, an samu ƙarin mita 428 da Alhaji bai shirya biyan kuɗinsu ba, ga ƙarin nauyi a kwantena.

Na biyu kwanan wata. Ɗan Najeriya yana nufin 3 ga Afrilu, amma Sinawa da shekara suke farawa, sai wata, sai rana, saboda haka 03/04 a idonsu 4 ga Maris ne. Maganin abin shi ne a rubuta sunan watan da haruffa.

Na uku ya fi tsada. Ranar da aka ambata, ta gama saƙa ce, ko ta loda kaya a jirgi, ko ta isowarsu Apapa? Tsakanin lodi da isowa akwai makonni a kan teku. A nan ƙa'idojin Incoterms na Majalisar Kasuwanci ta Duniya, waɗanda aka sabunta a 2020, suke da rana, domin haruffa uku ne da kowane mai fitar da kaya ya sani. FOB Ningbo na nufin mai sayarwa zai ɗora kaya a jirgi a tashar Ningbo, kuɗin jirgi kuma yana wuyan mai saye. CIF Lagos kuwa mai sayarwa ne zai biya jirgi da inshora har Legas.

Idan aka gyara saƙon, ga yadda zai fito:

```
1. Please make 5,000 yards (4,572 metres). Colour: sample 12.
2. Please load the goods on the ship by 3 April 2026.
3. Price: USD 1.20 per yard, FOB Ningbo.
4. Please answer each number.
```

Kowane layi buƙata ɗaya ce, kuma lambobin suna tilasta wa mai amsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Launi ma an kira shi da lambar samfur, tunda shuɗin da ke ran Alhaji ba lallai ya zama shuɗin da ke ran mai rini ba.

Akwai kuma tambayar da ke ɗauke da korewa. Idan aka rubuta "You don't have this colour?" aka samu amsar "Yes", Bature zai ɗauka akwai launin. Basine kuwa sau da yawa yana nufin haka ne, babu. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne, domin shi ma idan aka ce masa ba ka da shi, "eh, ba ni da shi" yake cewa. Gara a tambaya kai tsaye: "Do you have this colour?"

Ta yaya ake gane saƙo bai shiga ba? Babbar alama ita ce a yi tambayoyi uku a samu "OK" guda ɗaya. Wannan shaidar isar saƙo ce kawai, ba ta amincewa ba. Gogaggun 'yan kasuwa ba sa tura kafin alƙalami sai kamfani ya aiko da takardar farashi ta farko, sun ga awo da lambar launi da ranar lodi da tashar jirgi a rubuce da hannun mutanen kamfanin. Idan mita ta fito inda aka ce yadi, a nan ake kamawa, tun zare bai hau inji ba. Agogon Sin yana gaban na Najeriya da awa 7, don haka gyaran da aka tura da la'asar daga Kano sai washegari za a karanta shi, wanda aka tura da sassafe kuma yakan samu amsa a ranar.