Neman Ƙarin Albashi ta Imel Bayan Tayin Aiki

Malamar asibitin da wata ƙungiyar agaji ta yi wa tayin aiki a Shinkafi tana da damar neman ƙari kafin ta sa hannu. Idan tayin naira 250,000 ne, sai ta buɗe imel ɗinta da godiya, sannan ta nemi 290,000, ta kawo hujja: shekarunta biyar tana jinyar yara masu tamowa, ga tsadar mota daga Kaura Namoda. Ta tambaya ko an cire haraji da kashi 8 na fansho daga adadin, domin a nan ake yawan ruɗewa. Idan kasafin ƙungiyar ya hana ƙari, ta nemi alawus na gida. Ta rufe da cewa tana ɗokin fara aiki.