Ruwan da ke tare wari a ƙarƙashin wurin wanke hannu

Ka leƙa ƙarƙashin wurin wanke hannu a banɗaki, za ka ga bututun ya lanƙwashe ya yi ciki kafin ya shige bango. Ba ado ba ne. Wannan lanƙwasa, wadda 'yan famfo ke kira fi-taraf, tana riƙe ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 10, kuma shi ke toshe wa iskar sokawe hanyar shigowa ɗaki.

Amma ruwan na iya gudu. A ce an cika wurin wanke hannun, aka sake shi gaba ɗaya. Ruwan ya cika bututu fal yana gangarawa, iskar bayansa ta ragu, sai ya tsotse wanda ya kamata ya tsaya a lanƙwasar, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tanki da tiyo. Alamarsa ƙarar ƙulu-ƙulu ce bayan ruwa ya wuce, sai wari ya biyo baya.

Maganinsa bututun iska ne, wanda ake haɗawa bayan lanƙwasar ya fita saman rufi. Iska ta shiga ta can, zuƙar ta mutu. Wasu kan tsallake shi don tsimin kuɗi, su koma sayen turare. Mai gini, kada ka yarda.